Kafin ka rataya rakoda ka nufi ƙauye: yadda ake shirya tafiyar ɗaukar hira a fadamar Argungu

Hirar da ta fi yi mini ciwo a aikina ita ce wadda na yi da wani dattijo masunci a wani ƙauye da ke bakin gulbi, arewa da Argungu. Mun zauna a zaurensa kusan awa biyu yana ba ni labarin yadda ake buɗe su, wato kamun kifi, a zamanin mahaifinsa, har ya rera kirarin ruwa da ya ce ya daɗe bai furta ba. Ana dab da gamawa sai rakoda ta mutu. Baturan da ke ciki na kasuwa ne, irin waɗanda ake sa wa tocila. Da dare na buɗe katin memorin rakodar, ga sunan fayil ɗin nan, amma ya ƙi buɗuwa. Na koma bayan damina, dattijon ya karɓe ni da mutunci, ya ce, "Ɗana, ai na gaya maka duka wancan karo." Ya maimaita abin da ya iya cikin rabin awa, kirarin kuwa bai sake fitowa ba.

Tun daga ranar nake shirya kowace tafiya daga ƙarshe zuwa farko. Tambayata ta farko ita ce: a ina zan kwana, kuma da wace wuta zan kwafe aikin yini kafin in rufe ido? Amsar wannan ita ke yanke mini yawan katin memori da batura, da irin abin hawa, da ma lokacin da zan bar ƙauye. Zan bi da kai ta misali guda: tafiyar kwana 5 daga Birnin Kebbi zuwa ƙauyukan fadamar Argungu, don hira da masunta da manoman shinkafa su 12.

Mataki na farko: lissafin awoyi

Ranar farko ba ta hira ba ce, ta gaisuwa ce. A ƙasar Kabi ba a faɗa wa gari da na'ura a hannu. Ka je da takarda daga inda ya aiko ka, ka bi ta hannun uban ƙasa, shi zai haɗa ka da hakimi ko maigari, idan kuma maganar ruwa ce a kai ka wajen Sarkin Ruwa. Ka tanadi abin goro. Idan akwai mata cikin waɗanda za a yi hira da su, ka tafi da abokiyar aiki wadda ta iya riƙe rakoda, domin akwai gidajen da namiji baƙo iyakarsa zaure.

Saura kwana 4 ke nan, hira uku a kullum. Kada ka yi kwaɗayin ta huɗu. Manomi yana fadama tun da sassafe, bayan azahar yake samun zama, masunci kuma lokacinsa na ruwa ne. Idan kowace hira ta ɗauki awa ɗaya da rabi, jimla awa 18 ke nan. Ni ina mayar da ita 25, saboda dattijo idan ya saki jiki ba a katse shi, kuma kusan kullum sai an ce maka, "Akwai wani tsoho a unguwar can, shi ya fi sanin wannan." Wannan awa 25 ɗin ita ce za mu auna komai da ita.

Mataki na biyu: rakoda da yadda za a saita ta

Ƙaramar rakoda irin Zoom H1n ko Tascam DR-05X ta isa wannan aiki. Ta farkon tana cin batir AAA guda biyu, ta biyun AA guda biyu, saboda haka ka duba naka kafin ka sayi batura. Wayar hannu tana iya ɗaukar murya, amma matsayinta na mataimakiya ne: kira zai shigo, cajinta zai kare wajen neman sabis, zafin bazara kuma yana sa ta kashe kanta. Ina ajiye ta gefe tana ɗauka a matsayin ta biyu, bayan na sa ta a Airplane mode. Wannan na da wani amfanin, domin waya mai neman sabis kusa da rakoda tana shigar da wani ƙara mai kama da kukan gyare cikin murya. Ka roƙi waɗanda ke zaune kusa su ma su matsar da nasu.

A saiti ka zaɓi tsarin fayil na WAV, 48kHz/24bit. MP3 ya fi ƙanƙanta, amma yana zubar da wani sashe na sautin, kuma abin da ya zubar ba ya dawowa. Za ka gane darajar wannan ranar da ka zo rubuta maganar tsohon da ba shi da haƙora, yana Kabanci cikin sauri, ana daka a bayan danga. A wannan saitin awa ɗaya tana cin kusan gigabait ɗaya. Awa 25 ta kama gigabait 26.

Ka saita kwanan wata da agogon rakodar, ka kuma riƙa dubawa duk lokacin da ka canja batir, domin idan ta daɗe ba batir agogon yana komawa baya. Sannan ka ɗora mata hular gashin nan da ke tare iska. Soson da ke zuwa da wasu makirufo ba ya iya da iskar hunturu a bakin gulbi.

Wurin zama ya fi tsadar na'ura muhimmanci. Ɗakin ƙasa mai rufin azara ko zaure mai tabarma yana riƙe murya da kyau, ɗakin siminti da ba kaya yana amsa-kuwwa, rufin kwano kuwa idan ruwa ya sauko sai dai a dakata. Kafin ka zauna, ka yi shiru na minti ɗaya ka saurara: injin niƙa, janareta, injin ban-ruwa na masu noman rani. Kunnenka ya saba da su har ba ya jin su, makirufo kuwa ba ya sabawa. Ka sa rakoda kamar taƙi ɗaya zuwa biyu daga bakin mai magana, a kan ƙaramin maƙalli ko tufa da aka ninka. Idan ka riƙe ta a hannu, motsin yatsunka duk zai shiga. Ka sa shi ya gaya maka abin da ya karya da shi, kana murɗa maɓallin ƙarfin sauti har ma'aunin ya riƙa tsayawa wajen -12 idan ya ɗaga murya. Idan yana taɓa 0, muryar za ta fashe, fashewar kuma ba ta gyaruwa. Abin sauraro ya kasance a kunnenka daga farko har ƙarshe, idonka kuma ya tabbatar lambobin lokaci suna tafiya. A wasu rakodoji dannawa ɗaya shiri ne kawai, sai an danna na biyu take fara ɗauka, kuma mutane da yawa sun yi hira cikakkiya da na'urar da ke jira.

Abu na farko da zai shiga kowace ɗauka shi ne muryarka kana faɗin rana, gari da lambar hira, sannan izinin mai magana da bakinsa: ya san abin da za a yi da muryarsa, ya yarda a ambaci sunansa ko a sakaya. Idan an kira salla, ka tsayar, ku tashi.

Mataki na uku: batura

A nan zan daɗe, domin a nan na ƙone. Baturan da suka fi yawa a kasuwar ƙauye masu arha ne, an yi su don tocila da ƙaramar rediyo. Rakoda tana jan wuta fiye da yadda suke iya bayarwa, sai ka ga alama ta cika, bayan ɗan lokaci ta faɗi gaba ɗaya. Abin da kake so shi ne wanda aka rubuta Alkaline a jikinsa, ko mai caji da aka rubuta Ni-MH. Ka saye su a Birnin Kebbi ko Sakkwato, a shagon da za ka iya komawa, ka duba ranar lalacewarsu.

Dalilin da mutuwar batir ke kashe hira shi ne, rakoda tana rubuta sautin a kati yayin da ake magana, amma sai an danna tsayawa take rufe fayil ɗin, ta rubuta tsawonsa a kansa. Idan wuta ta yanke kafin nan, sautin yana iya kasancewa a ciki amma fayil ɗin ya ƙi buɗuwa, ko ya nuna ba komai. Wasu rakodoji suna ƙoƙarin rufewa da kansu idan batir ya yi ƙasa, sai dai batirin da ya faɗi farat ɗaya ba ya ba su wannan damar. Idan haka ta same ka, ka cire katin nan take, kada ka sake ɗaukar komai a kansa. Wanda ya san aikin sauti yana iya ceto shi, muddin ba a rubuta wani abu a kai ba.

Kamfanin Zoom yana cewa H1n tana yin kimanin awa 10 da batir biyu na Alkaline. Wannan a ƙaramin saiti ne, cikin yanayi mai daɗi. Kai kana ɗauka a saiti mai nauyi, da abin sauraro a kunne, ga zafi. Ni rabi nake lissafawa, awa 5. Awa 25 ta zama tagwaye 5, sai in ninka: tagwaye 10, wato batir 20. Kafin tafiya ka gwada da kanka: ka sa sababbi, ka bar rakoda tana ɗauka a ɗaki har ta mutu, ka ga awa nawa ta yi. Lissafinka ya tsaya a kan wannan lambar.

Ƙa'idata ita ce ba a canja batir a tsakiyar hira. Kafin a fara, idan alama ta ragu ko da layi ɗaya ne kuma na san mutumin mai dogon zance ne, sai in sa sababbi. Waɗanda na cire ba a zubar da su, tocila za ta ci. Ka ware musu jaka daban, domin da ido ba a bambance cikakke da rabi, kuma kada ka haɗa sabo da tsoho a rakoda ɗaya. Kada ka zuba su aljihu tare da makullai. Idan masu caji kake amfani da su, ka shiga saitin rakoda ka gaya mata Ni-MH ne, saboda su ƙarfinsu 1.2V ne, na Alkaline kuwa 1.5V. In ba ka gaya mata ba, alamar batir za ta riƙa yi maka ƙarya.

Fawa bank mai 20,000mAh yana da amfani ga waya, kuma rakodojin nan biyu suna karɓar wuta ta USB. Sai dai wasu fawa bank suna kashe kansu idan abin da aka jona ba ya jan wuta sosai, don haka ka gwada a gida, ka kuma bar batura a cikin rakodar ko da ka jona. Laftof ɗinka kuwa ka ɗauke ta kamar rijiya a rani: kwafe hira kawai, ba kallo ba. A garuruwa da yawa akwai masu cajin waya da sola ko janareta, suna taimako, amma ba a barin rakoda ko laftof mai ɗauke da muryoyin mutane a rumfar caji. A watannin Maris zuwa Mayu, zafin Kebbi yana haura digiri 40, saboda haka kada a bar batura da fawa bank a motar da aka rufe a rana.

Mataki na huɗu: hanya

Daga Birnin Kebbi zuwa Argungu kwalta ce, tafiyar kamar awa guda. Wahalar tana farawa ne daga inda kwalta ta ƙare. Da rani rairayi ne, daga Agusta zuwa Satumba kuma fadama tana cika, hanyar da ka bi da babur a Fabrairu ta koma ta jirgi. Saboda haka ka yi masauki a cikin Argungu, inda za ka fi samun wuta, kana shiga ƙauyuka da safe kana fitowa.

Ka ɗauki ɗan kabu-kabu guda na yini gaba ɗaya, ɗan yankin, wanda maigari ya sani. Ku yi ciniki tun da safe, har da kuɗin mai da na jira. Wanda ya sauke ka ya ce zai dawo, idan ya samu fasinja mai nisa sai ka kwana inda ba ka shirya ba. Ka riƙe tsabar kuɗi ƙanana, domin mai POS ba ya aiki inda babu sabis. Jakar na'urori a bayanka take zama, ba a ɗaure ta a kariyar babur inda girgiza za ta ci ta. A ciki, kowane abu a leda mai zif, saboda ƙura da ruwa.

Idan sai an haye ruwa, ka tsaya ka dubi jirgin. Wanda aka cika da mutane da buhuna da babura, ka bar shi ya tafi ko da za ka rasa hira. Hatsarin jirgin da ya auku kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021 ya ci rayuka masu yawa, kuma mutanen Kebbi ba su manta ba. Ka nemi rigar da ke hana nutsewa ka tafi da abarka. Katunan memori su kasance a jikinka cikin leda, ba cikin jaka ba.

Batun tsaro kuma, labarin makon jiya ba ya aiki yau. Kowace safiya ka tambayi mai masaukinka da direbobin tasha halin da hanyar ke ciki, idan suka ce a dakata, ka dakata. Ka bar wa wani a gida sunayen garuruwan da za ka shiga da lokacin da zai ji daga gare ka. Bayan la'asar ka kama hanyar masauki, magariba ta same ka a ɗaki.

Mataki na biyar: aikin dare

Katin gigabait 32 guda ɗaya zai iya ɗauke tafiyar nan duka, amma kada ka yi haka. Ka sayi biyar, kowace rana da nata, ɗaya na ko-ta-kwana. Idan ɗaya ya lalace ko ya faɗa ruwa, yini ɗaya ka rasa. H1n ba ta karɓar katin da ya wuce gigabait 32. Akwai jabun kati da yawa a kasuwa, wanda zai nuna 32 alhali cikinsa bai kai haka ba. Yana aiki lafiya da farko, sai ya cika a ɓoye, abin da aka ɗauka daga baya ya lalace. Ka gwada kowanne a kwamfuta da manhajar gwada kati ta H2testw kafin tafiya, sannan ka yi masa Format a cikin rakodar kanta.

Da ka isa masauki, kafin wanka da tuwo, ka cire katin yini ka sa a laftof. Idan ta gidan kati mai ɗan makulli a gefe kake sa shi, ka tura makullin zuwa Lock. Ka buɗe jaka mai kwanan watan ranar, ka yi Copy. Kada ka taɓa yin Cut, domin idan wuta ta yanke a tsakiya kana iya rasa na nan da na can. Aikin yini kamar gigabait 5 ne, ba zai daɗe ba.

Sai suna. Rakoda tana ba fayil suna irin ZOOM0001.WAV, kuma a sabon kati tana iya sake farawa daga wannan lambar. Idan ka zuba na Talata da na Laraba wuri ɗaya, kwamfuta za ta tambaye ka ko ta maye gurbi, kai kuma a gajiye kake. Saboda haka ka canja sunan kwafin da ke laftof, shekara a gaba, sai wata, sai rana, sai gari da lamba. Sunan mutum ba ya shiga sunan fayil, yana cikin littafinka na takarda tare da lambarsa.

Kwafi ba ya zama kwafi sai an tabbatar. A Windows, wannan umarnin yana gwada fayil biyu ƙwaya-ƙwaya:

```
fc.exe /b E:\STEREO\FOLDER01\ZOOM0001.WAV C:\hira\20250214_argungu_01.wav
```

Ka sauya hanyoyin su dace da naka. Zai ɗauki 'yan mintoci, idan ya rubuto `FC: no differences encountered`, sun yi daidai. Bayan haka ka sa abin sauraro ka ji minti ɗaya a farko, ɗaya a tsakiya, ɗaya a ƙarshe, daga kwafin laftof. Wannan sauraron ne zai nuna maka idan iska ta cinye rabin maganar, tun kana kusa da mutumin, kana iya komawa gobe.

Daga laftof ka sake kwafewa zuwa filashi ko faifan ajiya na waje. Yanzu hirar tana wuri uku: kati, laftof, filashi. Katin ka sa shi a ƙaramar ambulan, ka rubuta rana, ba za a goge shi ba sai an koma gida an ajiye komai. Wuri ukun nan kuma kada su kwana ko su yi tafiya a jaka ɗaya. Kati a jikinka, filashi wajen abokiyar aikinka, laftof a masauki. Wanda ba shi da laftof yana iya yin wannan da wayar Android da ɗan abin karanta kati mai OTG, ya kwafe zuwa waya, daga waya zuwa filashi.

Turawa ta intanet ƙari ne idan ta samu. Gigabait 5 a sabis ɗin ƙauye yana iya cinye dare bai gama ba, wani lokaci ma sabis ɗin ba ya nan sam: a Satumbar 2021 an rufe layukan waya a faɗin Zamfara na tsawon makonni saboda matsalar tsaro. Idan ka samu sabis mai ƙarfi a gari, ka fara tura hirar da ta fi tsada a wurinka, wadda ka san ba za ta maimaitu ba. Mayar da ita tsarin fayil na FLAC yana rage nauyinta zuwa kusan rabi ba tare da an zubar da komai ba. Kada ka watsa ta a zaurukan WhatsApp da sunan ajiya.

Akwai kuma amana. A hirar noma ko su, mutum yana iya sakin baki ya taɓo rikicin gona, ko wanda ya karɓi kuɗi, ko waɗanda ke shigowa daga daji. Idan filashinka ya faɗi a tasha, shi ne zai kwana cikin fargaba. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai tattara irin wannan bayani nauyin tsare shi. Ka sa wa laftof da waya kalmar sirri, kwafin da ke filashi kuma ka ƙulle shi da manhajar 7-Zip, ka zaɓi tsarin ƙulli na AES-256. Kalmar sirrin ka ba mutum ɗaya amintacce a gida, domin idan ka manta ta, babu mai buɗe maka. Littafin da ke haɗa sunaye da lambobi shi ma ba ya zama jaka ɗaya da filashi.

Abu na ƙarshe kafin barci: ka sa katin gobe a rakoda, ka sa batura sababbi, ka duba agogo, ka ɗauki muryarka na daƙiƙa goma ka saurara. Ka jona waya da fawa bank a caji, ka kira ɗan kabu-kabunka ku tsayar da lokacin fita.